Yadda Mai Shago Ke Bayyana wa Mai Zane Gyaran Hoton Kayansa

Hoton talla da manhajar ƙirƙirar hoto ta haɗa yakan fito da kyau, amma sau da yawa ba kayan da ke shago yake nunawa ba. Manhajar ba ta taɓa ganin kayan ba, kintata kamanninsa take yi daga ɗimbin hotunan da aka horar da ita a kansu. Shi ya sa rubutun jikin kwalba ke karkacewa, launi ya sauya, girma ya ƙaru. Mai zanen da aka ɗauka aikin ma galibi bai taɓa riƙe kayan a hannunsa ba, don haka saƙon mai shago shi ne idonsa.

Saƙon da ya ce "hoton bai yi ba, a gyara" ba ya kai kowa ko'ina. Mai amfani shi ne wanda ya raba abu biyu: abin da dole ya yi daidai da kayan gaske, da adon da mai zane ke da 'yancin sauyawa. Ga misalin mai sayar da humra a Kano:

"Salamu alaikum Malam, sannu da aiki. A hoto na biyu murfin kwalbar ya fito ruwan zinare, nawa kuwa baƙi ne. Humrar ta yi haske da yawa, tawa ta fi duhu, ga hoton da na ɗauka a inuwa da rana. Kwalbar mil 50 ce, amma a hannun matar ta yi kamar ta mil 200. Sunan shagon ya lalace, ƙ ta koma k. Ka cire rubutun ka sake bugawa da kanka. Labulen baya da hasken sun yi, kada a taɓa su."

Jimlar ƙarshen nan tana da nauyi. In aka sa manhajar ta sake haɗa hoton daga farko, takan sauya har abin da ya riga ya yi daidai. Da mai zane ya san abin da za a bari, sai ya gyara wurin da ya ɓaci kaɗai, ko ya yanko kwalbar gaske daga hoton mai shago ya ɗora ta a kan bayan da aka ƙirƙira. Wannan hanya ta biyu ta fi aminci, domin mai sayen da ya karɓi abin da ya saɓa da hoto yakan mayar da kaya, kuma da wuya ya dawo.

Saƙon kuma ya faɗi inda za a sa hoton. `Status` na WhatsApp tsaye yake, 1080 da 1920, yayin da hoto mai kusurwa huɗu daidai na Instagram yake 1080 da 1080. Hotunan shaida kuwa a tura su ta `Document`, domin in an tura su yadda aka saba WhatsApp na matse su, ƙananan rubutu su dushe.