Wasiƙar wani mushen kolej zuwa ga uwayen yara

Wani mushe da yake karantarwa a wata kolej cikin jihar Damagaram ya rubuta wa uwayen ƴan lakwal wasiƙa da Hausa. Dalili shi ne uwaye da yawa sun kawo kuka, sun ce ba su gane zancen ɗiyansu in sun dawo hutu. Ga abin da wasiƙar ta ƙunsa.

Bayan gaisuwa, mushe ya ce: "Uwayena, ku kwantar da hankali. Mafi yawan kalmomin nan Faransanci ne da yara suka murɗe, suka gama da Hausa." In yaro ya ce zai bose, yana nufin zai dage da karatu. In ya kira ubansa tsoho, ko uwarsa tsohuwa, a bayan ido, ba lalle reni ba ne. Haka samari suke faɗi tsakaninsu. Fada kuma ba gidan sarki ba ce. Wuri ne a ƙofar gida inda samari suke shimfiɗa tabarma, su dafa shayi, su yi hira.

Amma akwai kalmomin da uba ya kamata ya tsaya a kansu. Ta farko ita ce seshe, wato yaro ya bar gida da safe amma bai shiga aji ba. Gane wannan ba wuya, ko ga wanda yanzu ya fara koyon karatu. A buɗe kayen yaro, a duba kwanan wata a saman darasi. In an tsallake kwanaki da yawa alhali ba hutu, a je a tambayi surbeyan, don shi ke riƙe da littafin fashi.

Ta biyu ita ce kartush. Wani uba ya ji ɗansa ya ce ya shirya kartush, sai gabansa ya faɗi, ya zaci harsashin bindiga ne. Ashe ƴar takarda ce da yaro yake cikawa da amsoshi, ya ɓoye ta a aljihu ranar jarrabawa. Ba bindiga ba ce, amma sata ce. Wanda aka kama yana samun sifiri, kuma in ranar jarrabawar brebe ce ana iya fitar da shi, wahalar shekara 4 ta tafi banza.

Inda mushe ya fi daɗewa shi ne kan kalmar caji. Tana da ma'ana biyu. In yaro ya ce waya ta yi caji, ba komi. In ya ce wane ya yi caji, to mutum ne ya bugu da ƙwaya ko wiwi. Ƙwayar da ta fi yawo ita ce tramol. Asalinta maganin ciwo mai tsanani ne, likita ke rubuta shi. Ƙwaya ɗaya da aka saba ba maras lafiya miligiram 50 ce, kuma babba ba ya wuce 400 a yini. Ta ƴan tebur da masu yawo da magani kuwa takan kai 200 ko 225. Ke nan ƙwaya biyu ta riga ta kai iyaka ko ta wuce. Wasu yara suna narka ta cikin shayi ko kafe, su ce don su kwana karatu ne.

Mushe ya ce jin kalmar kaɗai bai isa hujja ba, yaro yana iya faɗinta don ya burge abokai. A duba jikinsa da halinsa. Mai shan tramol yakan rage cin abinci, ya yi zufa ba aiki, ya yi ta susa, wani lokaci ya yi amai. Barcinsa yana rikicewa, fushinsa yana kusa, kuɗi suna ɓacewa a ɗaki. Sakamakonsa ma yana faɗuwa: mai samun 12 bisa 20 sai a gan shi da 7.

Babban haɗari shi ne faɗuwa kamar mai farfaɗiya. In haka ta faru, kada a sa masa cokali ko ruwa a baki, kada a danne shi. A kawar da abin da zai ji masa ciwo, a kwantar da shi bisa gefe, a kai shi likita tare da fakitin ƙwayar in an same shi. Wanda ya saba da ita kuma ba ya bari dare ɗaya ba tare da ciwon jiki da rashin barci ba, don haka likita ne zai rage masa sannu-sannu. Duka ba ya fitar da ita.

A ƙarshen wasiƙar mushe ya roƙi duk uban da ya ji wata kalma da ta dame shi ya rubuta ta a takarda yadda ya ji ta, ya kawo lakwal ranar taron uwayen yara.