Cokali Da Tafasasshen Ruwa: Wanne Ya Fi Zafi?

Kalmar "zafi" guda ɗaya ce a bakin Bahaushe, amma a wurin masana kimiyya abubuwa biyu ne ke ƙunshe a cikinta. Na farko shi ne matakin zafi, wato lambar da ma'aunin zafi ke nunawa da digiri, kamar yadda ake cewa jikin mai lafiya yana kan digiri 37 a ma'aunin Salshiyos. Na biyu shi ne makamashin zafi, wanda ke barin abu mai zafi ya shiga wanda bai kai shi ba, ana kuwa auna shi da jul. Joseph Black, wani masani ɗan Sikotilan, yana cikin waɗanda suka fara rarrabe su tun a ƙarni na 18.

Kowane abu ƙananan ƙwayoyi ne suka haɗu suka yi shi, kuma ba su daina motsi. Matakin zafi yana nuna ƙarfin motsinsu ne kawai, ba ruwansa da yawansu. Kofi ɗaya na tafasasshen ruwa da cikakkiyar tukunyar biki duk suna kan digiri 100, amma kowa ya san wadda za ta fi cin itace kafin ta tafasa, ta kuma fi daɗewa ba ta huce ba.

Cokalin ƙarfe ya fi fito da bambancin fili. A ce an bar cokali mai nauyin giram 30 a kan wuta har ya kai digiri 200, ninki biyu na lambar tafasasshen ruwa. Idan aka tsoma shi a kofin ruwa giram 250 mai digiri 30, za a ji ya yi "cuu" sau ɗaya, shi ke nan. Ruwan da kyar zai haura digiri 32. To, a ɗauki wani kofin irinsa, a zuba masa tafasasshen ruwa giram 30, kimanin cokali biyu na cin abinci. Wannan karon ruwan zai wuce digiri 37. Ga shi nauyi ɗaya ne, kuma cokalin ya fi yawan digiri, amma ruwan ya fi shi ba da makamashi.

Dalili kuwa shi ne ruwa yana da haɗamar zafi. Kafin giram ɗaya na ruwa ya ƙara digiri ɗaya sai ya sha jul 4.2, alhali ƙarfen cokali wajen rabin jul ya ishe shi. Abin da aka sha da yawa, shi ake mayarwa da yawa. Cokalin nan ya sauko da kusan digiri 168, amma jul 2,500 kawai ya bayar. Ɗan ruwan kuwa ya sauko da digiri 62 da ɗoriya, ya bayar da kusan jul 7,900.

Akwai kuma lokacin da makamashi ke shiga, amma digiri bai motsa ba. Da zarar ruwa ya tafasa a buɗaɗɗiyar tukunya, ko an ƙara iza wuta ba zai wuce digiri 100 ba. A gari mai tudu irin Jos ma a wajen 96 yake tsayawa, saboda iska ba ta danne shi sosai a can. Makamashin da aka ƙara yana tafiya ne wajen mayar da ruwa tururi, aikin da ke cin kusan jul 2,260 a kowane giram, fiye da ninki biyar na abin da zai ɗauko giram ɗin daga digiri 0 zuwa 100. Shi ya sa ƙunar tururi ta fi muni: yana sauka a fata ya koma ruwa, ya juye mata duk wannan makamashin.

Hannu kuwa ba abin dogaro ba ne wajen awo. Cokalin da ke cikin tafasasshen ruwa ba zai fi ruwan digiri ba, domin zafi ba ya tashi da kansa daga mai ƙarancin digiri zuwa mai yawa. Amma idan aka bar shi tare da muciya a tukunya ɗaya, mariƙinsa zai ƙona yatsu, na muciya kuwa a riƙe shi lafiya, saboda ƙarfe yana saurin isar da zafi, itace yana jan ƙafa. Fata saurin shigar makamashi take ji, ba digiri take ƙirgawa ba.

Ga mai girki, wannan lissafi ne na kuɗi. Wake ba zai fi saurin nuna ba don ruwansa yana ɓulɓula da ƙarfi. Idan tukunya ta tafasa, a rage wuta a rufe ta. Ruwan yana nan a matakinsa, gas ko itacen da aka ƙara kuwa tururi zai bi.