Kasuwar Sallah ta Farko: Kalaman da Ke Tsayar da Mai Saye

Cinikin kayan sawa na Ƙaramar Sallah yana farawa ne tun cikin watan Sha'aban, kuma na atamfa da leshi da shadda yakan yi sanyi kafin azumi ya kai ƙarshe, domin wanda ya sayi yadi sai ya kai wa tela. Sabon ɗan kasuwa yakan ɗauka cewa idan kaya sun yi kyau za su sayar da kansu. Labarin wata matashiya a Kano, wadda ta fara sayar da atamfa da mayafai daga ɗakin mahaifiyarta, ya nuna inda wannan zato yake da gaskiya da kuma inda yake gazawa. Kuɗaɗen da za a ambata na misali ne, tunda farashin kaya yana sauyawa daga shekara zuwa shekara.

Jarinta naira 300,000 ne, kuɗin adashi da gudunmawar yayanta. Ana saura mako biyu a fara azumi ta shiga Kantin Kwari tare da gwaggonta, wadda ta daɗe tana dillancin kayan mata gida gida. Ta sari turmi 20 na atamfa matsakaiciya a kan naira 10,000 kowanne, da mayafai 20 a kan naira 3,000, sannan kuɗin mota da na dako da leda suka ci naira 10,000. Sauran naira 30,000 gwaggon ta hana ta taɓawa, ta ce na ƙaro abin da ya fi tafiya ne. Da aka raba kuɗin ɗawainiya a kan kayan, kowane turmi ya tsaya mata a kan naira 10,400. Wannan ita ce uwar kuɗi ta gaskiya, ba abin da ta miƙa wa mai shago kaɗai ba, kuma duk maganar da za ta yi da mai saye daga baya a kan wannan lissafi take tsaye.

Kwanakin farko ba su yi mata daɗi ba. Takan shimfiɗa kayan a kan tabarma idan maƙwabta sun shigo, ta kuma aika wa 'yan uwa da ƙawaye hotuna ta waya, tana cewa kaya ne masu kyau da inganci, ga rahusa, a zo a saya kada a bari a ba da labari. Mata sukan duba su ce ma sha Allah, Allah ya kawo kasuwa, su tafi. Laifin ba na kayan ba ne. Kalmomin da ta zaɓa su ne waɗanda kowane mai talla yake faɗa, a rediyo da bakin titi, har kunne ya daina jin su. Babu mai sayar da kaya da zai ce nasa ba su da kyau, don haka cewa suna da kyau bai ƙara wa mai saye sanin komai ba.

Gwaggon ce ta ce mata ta rage magana ta saurari abin da mata suke tambaya idan sun ɗauki turmi a hannu. Tambayoyin ba su da yawa, kuma kusan kullum iri ɗaya ne. Tana zuba? Auduga ce ko roba? Yadi shida ne cif? Ta yi yawa a gari? Nawa ne gaskiyarta? Kowace tambaya tana ɗauke da wani abu da ya taɓa ƙona mai tambayar: zanen da ya rine farar rigar yaro a bahon wanki, ko wanda ya hana ta sakat da zafi a filin idi, ko turmin da tela ya auna ya ce bai kai riga da zane da ɗankwali ba.

Amsar da ta fi kowace jawo ciniki ita ce ta zuba, amma sai da ta zama amsar da aka gwada. Matashiyar ta sadaukar da ɗan ƙyalle daga wani turmi irinsu da ta saya wa kanta daban, ta jiƙa shi a ruwan sabulu tare da farin tsumma, ta shanya, ta ajiye shi kusa da wanda ba a wanke ba. Daga nan idan an tambaye ta ba ta tsayawa a kan cewa ba ta zuba, sai ta ce: "Hajiya, ga wanda na wanke da kaina, ku duba." Ga sauran launukan kuma takan goga jiƙaƙƙen farin tsumma a gefen turmi a gaban mai saye. A nan ne ta gano cewa wata ja mai duhu tana ɗan saki, sai ta riƙa faɗa tun kafin a tambaya cewa wannan a ware ta a wankin farko. Ba ta yi asarar ciniki saboda haka ba, domin mace da aka gaya wa aibin ja ta fi yarda da abin da aka ce mata game da shuɗiya.

Batun auduga da roba ma yana da gwajinsa. Idan aka zare zare ɗaya aka kusantar da shi ga wuta, na auduga yana cinyewa ya bar toka mai laushi, na roba kuwa yana narkewa ya dunƙule ya yi tauri. Juya zanen kuma yana nuna ko rinin ya ratsa, tunda atamfa mai kyau gabanta da bayanta kusan ɗaya suke, mai araha kuwa bayanta yakan yi fari fari. Sunan da aka buga a gefen turmi ko takardar da aka manna ba hujja ba ce, saboda ana kwaikwayonsu. Abin da ya sa ke nan gwaggon ta ja mata kunne kada ta kira kayanta Holan ko Sufa alhali ba su ba ne. Mata da yawa sun san waɗannan da taɓi, kuma wadda ba ta sani ba tana da tela ko kishiya ko ƙawa da za ta faɗa mata.

Sai maganar farashi, wadda a nan sababbin 'yan kasuwa suka fi tuntuɓe. Da farko kunya ta sa takan faɗi naira 12,000, wato ainihin abin da take so ta sayar, sai mai saye ta taya 10,000, a rasa wurin haɗuwa. Mai saye a kasuwar Hausa tana son ta ji an yi mata ragi, ko da kaɗan ne, don haka sai ta koma faɗin 13,000, ta tsayar a ranta cewa ba za ta sauka ƙasa da 11,500 ba. Idan tayi ya yi ƙasa ba ta ɓata rai ko ta ce ba za a iya saya ba, sai ta ce albarka, wadda ke ƙin tayin ba tare da ta kori mai shi ba, ta bi da "ki ƙara wani abu, Anti." Idan an zo daidai sai ta ce ta sallama, Allah ya sa a kashe lafiya. Faɗin kuɗi mai nisa sosai, kamar 18,000 a kan kayan 12,000, yana da tasa illar: wasu ba sa ma tayawa, wadda kuma ta saya da tsada ta ji an sayar wa maƙwabciyarta da sauƙi ba ta dawowa.

Akwai kalma guda da ta daina amfani da ita gaba ɗaya, wato rantsuwa. Yawan cewa wallahi ko uwar kuɗi ban mayar ba ya zama ruwan dare har ba ya gamsar da kowa, kuma hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya yi gargaɗi cewa rantsuwa tana iya tafiyar da haja amma tana shafe albarkar ciniki. A watan azumi mai saye ta fi lura da wannan.

Kiran mutum da sunan da ya dace shi ma yana cikin ciniki. Babbar mace Hajiya ce ko Mama, kuma da "ku" ake yi mata magana. Wadda ta ɗan girme ta Anti ce ko Yaya, matar aure kuma takan ji daɗi a kira ta da sunan ɗanta na fari. Mazan da suka aiko a zaɓa wa iyalinsu ba su cika son dogon bayani ba, abin da suke so su ji shi ne nawa ne na mutum uku, kuma ba za a ce wata ta fi wata ba. Ga irin waɗannan ta koyi haɗa turame masu daraja ɗaya amma zane daban, ta faɗi kuɗinsu a dunƙule.

Kalmar yayi tana da kaifi biyu. 'Yan mata da yawa suna son abin da ake yayi, amma matan aure da dama suna gudun su je gidan suruki ranar Sallah su tarar da mutum uku sanye da irin zanensu. Ga na farko takan ce wannan ce ake yi bana, ga na biyu kuma ta ce guda biyu kacal ta ɗauko irinta. Sharaɗin dai shi ne maganar ta zama gaskiya. Mai cewa saura ɗaya alhali akwai biyar a ƙarƙashin gado, unguwa ɗaya ce, za a gan su a jikin mutane ranar idi.

Lokaci ma yana sauya kalmar da ke aiki. A goman farko na azumi kuɗin gida yana tafiya ne a kan gero da sukari da kayan buɗa baki, sai ta riƙa tunatar da mata cewa teloli sun kusa rufe karɓar ɗinki, abin da kowa ya san haka yake. Wadda ba ta da cikon kuɗi kuma ta ce a ba ta bashi zuwa bayan Sallah, matashiyar ba ta cewa a'a kai tsaye, sai ta ce a kawo rabi ta ajiye mata zuwa Juma'a ko zuwa a yi albashi. Kayan suna hannunta har a cika, zumunci bai ɓaci ba, jari kuma bai tafi yawo ba. Da aka shiga goman ƙarshe maganar turmi ta mutu, domin babu telan da zai karɓa. Sai ta koma kan abin da ba ya bukatar ɗinki, tana tambayar kowace mace launin atamfar da ta ɗinka don ta fito mata da mayafin da zai hau. Mayafan farko suka ƙare, ta ƙaro goma da kuɗin nan da aka hana ta taɓawa.

Bayan Sallah ta zauna da gwaggonta suka yi lissafin atamfa. Ta sayar da turmi 16 a kan naira 12,000 idan aka daidaita, da guda ɗaya mai ɗan tabo a gefe wanda ta nuna wa mai saye ta bar shi a 10,500. Ribar turmi 17 ta kama naira 25,700, amma ukun da suka rage sun riƙe mata naira 31,200, wato ribar atamfar tana kwance cikin kayan da ba su tafi ba. Dukansu masu manyan zane ne da ta zaɓa don sun burge ta ita, ba don wata ta tambaya ba. Gwaggon ta ba ta shawarar kada ta jira Babbar Sallah da su, tunda a wannan lokaci kuɗin magidanta kan rago yake tafiya, gara ta kai su ga masu haɗa lefe da masu neman zanen suna a bukukuwan da ake yawan yi cikin Shawwal, ko da ribar ba ta wuce naira 500 a kan turmi ba.