Takardar Gwajin Jini: Ta Ina Ake Fara Karantawa?

A asibitocin Najeriya likita kan rubuta FBC, a wasu ƙasashe CBC, gwajin kuwa ɗaya ne. Za a ɗebi jini kamar rabin ƙaramin cokali a zuba a kwalba mai murfi shuɗi-shuɗi mai ratsin ja, wadda ke da sinadarin hana jini daskarewa, na'ura ta ƙirga abin da ke ciki. Layukan takardar sun kusa ashirin, amma abu uku kawai suke magana a kai: jajayen ƙwayoyin jini, farare, da masu tsayar da zubar jini. A ɓargo ake yin dukkansu.

A ce mace ce mai ciki wata bakwai ta je awo, tana kukan jiri da haki in ta yi ɗan aiki. Ga abin da ta karɓo:

```
WBC  11.8  H
RBC  3.97
HGB  8.6   L
HCT  27    L
MCV  68    L
PLT  390
```

Harafin H na nufin adadin ya haura ma'aunin da aka buga a gefe, L kuma ya gaza. Ido kan fara sauka a layin sama, amma a fara da HGB. Shi ne sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyi, mai kwasar iskar da muke shaƙa daga huhu ya rarraba wa jiki. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, namiji baligi da ya gaza giram 13 a desilita yana da ƙarancin jini, mace 12, mai ciki 11. Matar nan tana da 8.6, jirin da hakin sun sami dalili. Da ya sauka ƙasa da 7, da lamarin ya zama na gaggawa.

HCT shi ne abin da ma'aikatan jinya ke kira PCV, wanda ake nufi in an ce "jininta 27 ne". Kaso ne: in aka raba jinin kashi ɗari, nawa ne jajayen ƙwayoyi, nawa ne ruwa? Yakan kusa ninki uku na HGB. Tunda kaso ne, yana iya yaudara. Yaron da gudawa ta tsotse masa ruwa zai nuna adadi mai kyau, sai an ƙara masa ruwa gaskiyar ta fito. RBC kuma yawan ƙwayoyin ne, kuma a nan bai ma faɗi sosai ba.

A ganina layin da aka fi yi wa rashin adalci shi ne MCV, don kusan ba mai kallonsa, alhali shi ke nuna hanyar dalili. Girman ƙwaya ɗaya yake aunawa, daidai shi ne 80 zuwa 100. Idan jiki ya rasa sinadarin ƙarfe, ɓargo ba ya daina aiki, sai dai ya riƙa fitar da ƙwayoyi ƙanana masu koɗaɗɗen launi, kamar mai ƙosan da wake ya yi wa kaɗan ta rage girman ƙosai. Na matar nan 68 ne, don haka likita zai fara zargin ƙarancin ƙarfe, ya tambayi abincinta, tazarar haihuwarta, tsutsar ciki ko zubar jini. Da ya haura 100, da hankali ya koma kan ƙarancin sinadarin folik ko bitamin B12, maganin kuma daban. Layukan MCH da MCHC, in an buga su, yawan sinadarin da ke cikin ƙwayar suke faɗa, galibi suna bin sawun MCV.

To, WBC ɗin da ya tayar mata da hankali fa? Fararen ƙwayoyi su ke yaƙar cuta, ma'auninsu 4 zuwa 11, wato dubu 4 zuwa dubu 11 a ɗan mitsitsin ɗigo. Ciki da kansa yana ɗaga su kaɗan, saboda haka 11.8 ba tare da zazzaɓi ba, ba hujjar shan maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ne. Rabe-rabensu a ƙasan takarda sun fi jimillar bayani: NEUT kan hau da cutar bakteriya, LYM da ta bairos, EOS da tsutsar ciki, tsargiya ko asma.

PLT su ne ke toshe rauni, daidai 150 zuwa 450. Maleriya tana yawan saukar da su, su dawo bayan magani. In sun faɗi warwas ana ganin haɓo da jinin dasashi. Amma jinin da ya ɗan daskare a kwalba yakan ba da adadin ƙarya, shi ya sa ake sake ɗiba in takarda ta saɓa da halin mutum.

Wannan gwaji ba ya faɗin rukunin jini, ba ya tabbatar da sikila ko taifot, kowanne da nasa gwajin. Mai karatu, in ka karɓi taka, kada ka wuce kemis neman maganin ƙarin jini. Koma wurin likitan da ya aike ka, ka riƙe tsohuwar takardarka in kana da ita, a kwatanta.