Taƙaita Lamba: Ina Biyar Za Ta Faɗa?

Taƙaita lamba shi ne a mayar da ita zuwa wadda ta fi kusa da ita a wani gurbi da aka zaɓa, kamar na gomomi, na ɗaruruwa, ko na farko bayan ɗigo. Ana duba alƙalamin da ke dama da gurbin. Idan bai kai 5 ba, sai a bar gurbin yadda yake. Idan ya haura 5, sai a ƙara masa ɗaya. Saboda haka Naira 472 a gurbin gomomi takan koma 470, Naira 478 kuma 480.

Rikicin yana tasowa ne idan alƙalamin 5 ne. Abu na farko shi ne a duba bayanta. A 2.51, biyar ɗin tana da ƙari, don haka lambar ta fi kusa da 3, babu gardama. Amma 2.5 cif tana tsakiyar 2 da 3, tazarar ɗaya ce ta kowane ɓangare. A nan lissafi ba shi da hukunci, sai dai yarjejeniya.

A makaranta an saba koyar da cewa a hau sama. Hanyar tana da sauƙin riƙewa, sai dai tana kumbura jimla. Ga farashi huɗu: Naira 12.50, 13.50, 14.50 da 15.50, jimlarsu 56. Idan aka hau sama da kowanne, za a samu 13, 14, 15 da 16, wato 58. Naira biyu sun shigo daga babu, kuma a lissafin dubban mutane wannan ƙarin ba ƙarami ba ne.

Maganin da masana suka samo shi ne a bi lamba mai rabuwa biyu daidai. Farashin nan sai su koma 12, 14, 14 da 16: biyu sun sauka, biyu sun hau, jimla ta tsaya a 56. Wannan ce hanyar da ƙa'idar IEEE 754 ta 1985 ta sa a gaba ga lissafin kwamfuta. Shi ya sa a Python 3 `round(2.5)` ke ba da 2, alhali a Excel `ROUND(2.5,0)` na ba da 3. Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu, kowa ƙa'idarsa yake bi. Ma'aikata biyu da ke haɗa rahoto ɗaya ya kamata su tsayar da hanya guda tun farko.

Kuskure na gaske shi ne taƙaitawa hawa-hawa. Wani zai mayar da 2.449 zuwa 2.45, sannan ya ga biyar ya kai ta 2.5. Biyar ɗin nan shi ya ƙirƙiro ta, babu ita a asali. Daga 2.449 kai tsaye ake zuwa gurbin da ake so, alƙalamin da ke biye 4 ne, amsar kuwa 2.4.