Roba Arba'in Kafin Azahar

Da an kira sallar azahar a Kano, ciki yakan fara magana a wurare biyu da ba su yi kama da juna ba. A ofisoshi irin na sakatariyar Audu Baƙo ko bankunan titin Murtala Muhammed, ma'aikaci yana duba agogo yana tunanin abin da zai sa a bakinsa ba tare da ya ɓata farar shaddarsa ba. A bayan gari kuwa, inda ake ta tayar da sababbin gine-gine, lebura ya ajiye kwanon siminti, ya wanke hannu a bakin duro, yana jiran abin da zai riƙe shi har la'asar sakaliya. Mata da yawa sun gano cewa daga murhun gidansu za su iya ciyar da mutanen nan biyu, a zuba a roba, a ɗaure a leda, ɗan sahu ya kai. Abin da ke kayar da yawancinsu ba rashin iya girki ba ne. Ludayi ne da agogo.

Ma'aikacin ofis da lebura ba abu ɗaya suke saye ba, ko da tukunya ɗaya aka kwaso musu. Shi na ofis ido ne ke fara ci masa: yana son dafa-duka mai launi, da yanka biyu na nama a sama, da ɗan kabeji a gefe, da robar da mai ba zai tsiyayo daga cikinta ya taɓa takardun gwamnati ba. Lebura kuwa nauyin robar yake fara ji a hannu. Garau-garau da mai da yaji ya fi masa komai, domin wake yana daɗewa a ciki, kuma kuɗinsa bai wuce abin da mai aikin yini zai iya cirewa daga ladansa ba. Wadda ta kai wa magina 'yar shinkafa mai ado za ta ji ana cewa, "Hajiya, wannan ai ta yara ce." Wadda ta kai wa ofis tulin shinkafa da wake kuma, gobe ba za a kira ta ba.

A ɗauki misalin uwargidan da ke fitar da roba 40 a rana, 25 na garau-garau zuwa wurin gini, 15 na dafa-duka zuwa ofis. Farashin da za a yi lissafi da shi a nan misali ne kawai, don kasuwa ba ta kwana inda ta yini. Kowa ta sa nata adadin a gurbinsa. A ce ta sayi buhun shinkafa mai kilo 50 a kasuwar Singa kan naira 70,000, wato kowane kilo ya kama 1,400, wake kuma kilo 1,500.

Robar lebura tana cin ɗanyar shinkafa giram 150 da wake giram 50. Idan suka dahu sukan kumbura su haura rabin kilo, abin da zai ƙosar da mai aikin ƙarfi. Shinkafar ta tashi naira 210, waken 75. Man gyaɗa kamar cokali biyu na cin abinci, naira 90. Yaji da gishiri da ɗan albasa da tumatir, 75. Roba da cokali da leda, 100. An tashi da 550 ke nan. Ta ofis ba ta cin shinkafa sosai, giram 120 ya isa, wajen naira 170, amma nama ne ke cinye kuɗin: idan kilo yana 7,000 kuma mahauci ya fitar da yanka 20, yanka biyu sun zama 700. A ƙara kayan miya da mai da ɗunƙule 250, kabeji da karas 80, roba mai kyakkyawan murfi 150, sai a ga 1,350.

A nan ne mata da yawa suke ajiye biro, su ɗora riba, su yi ta murna. Alhali akwai kuɗin da ba ya shiga cikin roba amma daga aljihunta yake fita. Gas na yini ɗaya, a ce 1,800. Ruwan 'yan garuwa, 600. Ɗan sahu zuwa wurare biyu, 3,000, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 wannan ɓangaren ya daina zama abin rainawa. Yarinyar da ke taya aiki, 2,000. Sabulu da katin waya, 600. Jimla 8,000, idan aka raba wa roba 40 kowace ta ɗauki 200. Ashe robar lebura 750 ta ci, ta ofis 1,550. Idan ta sayar da ta farko 1,000, ta biyu 2,200, ribar wurin gini 6,250 ce, ta ofis 9,750, gaba ɗaya 16,000. Kuma a cikin wannan kuɗin ne ladan wahalarta yake, da abin da za ta ajiye don ranar da tukunya ta ɓule ko kula ta fashe.

Yanzu a dubi abin da hannun kyauta yake yi wa wannan lissafi. Macen da ta saba zuba wa iyalinta ba ta san awo ba, cika ludayi take yi har da tozo. Idan kowace robar garau-garau ta samu ƙarin kashi ɗaya cikin biyar, abin da ido ba zai ma lura da shi ba, tukunyar mutum 25 za ta ƙare a kan na 21. Roba huɗu sun tafi, naira 4,000 daga cikin 6,250. Shi ya sa waɗanda suka daɗe a sana'ar suke da wani ɗan kwano guda na awo wanda ba a canza shi: a cika, a shafe bakinsa da bayan cokali, a kifa a roba. Ƙaramin sikelin kicin ma yana biyan kuɗinsa cikin mako guda. Nama kuwa a gaban idonta za a yanka, ta ƙirga kafin ya shiga tukunya, ta sake ƙirgawa bayan suya, don tsakanin kasko da roba akwai yara a gida.

Akwai wani tarko kuma. Kilo biyar da rabi na shinkafa a kullum yana nufin buhu zai ƙare cikin kwana tara. Idan ta yi farashi da kuɗin buhun da ta riga ta saya, ta koma kasuwa ta tarar ya hau, sai ta ga cinikin da ta tara bai isa ya sayo wani ba. Da farashin buhun gobe ake lissafi.

Shi kuwa lokaci daga baya ake ƙirgo shi. Idan ana son abinci ya isa da ƙarfe 12:30, ɗan sahu ya bar ƙofar gida da 11:45, don a bar wa cunkoson hanya rabonsa. Zuba roba 40, da rufewa da sa cokali da ƙulle yaji da mai a 'yar leda, yana cin minti 45 ko da mutum biyu ne, saboda haka da ƙarfe 11 an fara. Ke nan shinkafa ta sauka da 10:45, ta ɗan sha iska. Wannan 'yar tazarar tana da amfani: idan aka rufe roba a kan shinkafar da ke tururi sosai, gumin murfin zai koma ciki, garau-garau ya zama caɓe-caɓe. Wake shi ke fara hawa wuta, wajen ƙarfe 9, da 'yar kanwa kaɗan don ya yi saurin laushi, sai ya ɗauko dahuwa a zuba shinkafa a kai. Nama tun ƙarfe 8 yake kan wuta. Tsince wake, daka yaji da kai markaɗe duk aikin jiya da yamma ne, domin wadda ta jira safiya tana iya tarar da layi a wurin mai inji ko kuma babu wuta. Kuma a rufe karɓar oda tun dare, ko a ƙalla kafin a auna shinkafa. Wanda ya kira da ƙarfe 11 yana cewa a ƙara masa biyar, haƙuri za a ba shi.

Ranar Juma'a komai yana matsowa da kusan awa ɗaya, don a riga masu tafiya masallaci da rufe tituna. Da azumi kasuwar rana takan mutu kusan gaba ɗaya, sai a koma ga kayan buɗe-baki. Ranar zuba dekin kuwa ranar samu ce: ɗan kwangila yakan tara lebura ninkin na kullum, aikin kankare ba ya son tsayawa, don haka sau da yawa shi ke sayen abincin a dunƙule. Mai wayo takan tambayi foman tun farkon mako yaushe za a yi.

Zafin Kano a watan Afrilu yakan kai digiri 40, kuma abinci a irin wannan yanayi ba ya jira. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60, shi ya sa ake jera robobin a cikin kula da zafinsu, a cike gurbin da tsaftataccen zane, a tabbatar an ci cikin awa biyu. Shinkafa tana da nata sharrin na musamman: akwai ƙwayar cutar da dahuwa ba ta kashe irinta, idan shinkafar ta daɗe a ɗumi sai ta farfaɗo ta saki dafi, kuma sake ɗumamawa ba ya kawar da shi. Yauƙi da tsami alamu ne, amma tana iya ɓaci ba ta canza ƙamshi ba. Don haka robar da ta dawo da yamma ba ta shiga tukunyar gobe. Kabeji da latas, musamman in an sa musu bama, robarsu daban, nesa da zafi. Mutum goma su kwana da gudawa a wurin gini ɗaya, an rasa wurin ke nan har abada.

Saura bashi. A ofis da sauƙi, yawanci ana tura kuɗi ta waya kafin abinci ya iso, ko a biya na mako gaba ɗaya ranar Litinin. A wurin gini kuwa kalmar da aka fi ji ita ce, "Hajiya, a rubuta, sai Asabar." Lebura ba mazaunin wuri ɗaya ba ne, yau yana nan, jibi an kira shi wani aikin a Kumbotso. Mutum uku su ci na kwana shida su ɓace, naira 18,000 ta tafi, fiye da ribar yini guda cur. Abin da masu sana'ar suka fi dogara da shi shi ne a ƙulla magana da foman ko babban birkila tun ranar farko: shi zai ba da adadin mutane kowace safiya, shi zai sa hannu a littafi idan kula ta iso, ranar Asabar kuma ya cire kuɗin abinci kafin ya raba lada. A kan haka akan ƙara roba ɗaya mai yanka biyu ta foman, naira 1,550, kuma ita ma sai an rubuta ta a shafin kuɗin da aka kashe.