Nawa Ya Kamata Gida Ya Biya a Kwashe Masa Shara?

Duk wanda ya ƙi biyan kuɗin lantarki, sai a hau sanda a yanke masa waya, ya kwana cikin duhu shi kaɗai. Amma wanda ya ƙi biyan kuɗin shara babu abin da za a yanke masa. In an daina ɗaukar sharar gidansa, da dare ya yi sai ya aiki yaro ya juye ta a kwata, ruwan damina ya kwaso ta ya toshe magudanar da ke ƙofar maƙwabcin da ya biya. A nan wahalar wannan harka take, kuma shi ya sa hukumomi irin su REMASAB a Kano ko LAWMA a Legas suke fama da batun kuɗi fiye da batun tsintsiya da shebur.

Kafin a ce wa mutane su biya, sai an san abin da aikin yake ci. Rahoton Bankin Duniya na shekarar 2018 ya ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, mutum ɗaya yana fitar da kusan rabin kilo na shara a rana. Mu ƙaddara unguwa mai gidaje 400, kowane gida da mutum goma. Kowane gida zai fitar da kilo biyar, unguwar baki ɗaya tan biyu a rana, wato tan 60 a wata. In tifa tana ɗaukar tan biyar, ana bukatar sawu 12 zuwa babban juji.

Kuɗaɗen da zan sa a nan misali ne kawai, kowa ya musanya su da farashin garinsu. A ce sawu ɗaya, da man dizal da direba da masu lodi, naira 40,000 ne. Sawu 12 ya kama 480,000. Tifa ba ta shiga lungu, don haka sai an ɗauki matasa shida masu kura ko baro da za su bi gida-gida su tara a bakin titi. In kowa zai karɓi 50,000, an sami 300,000. A ƙara 120,000 na gyaran taya, safar hannu, takalman roba, littafin rasit da ladan mai karɓar kuɗi. Jimla 900,000 a wata. Aka raba wa gidaje 400, kowane gida zai biya 2,250.

Yawancin masu fara wannan sana'a a nan suke tsayawa, kuma a nan suke karyewa, domin sun yi lissafi kamar kowa zai biya. In gida shida cikin goma ne suka biya, wato gidaje 240, abin da zai shigo 540,000 ne, saura giɓin 360,000. Mai aikin sai ya rage sawu, ko ya riƙe albashin matasa. Shara ta kwana huɗu a bakin titi, awaki suna tono, waɗanda suka biya su ce to me muka biya wa? Wata mai zuwa masu biya su koma 200. In kuma ya ce zai ɗora giɓin a kan masu biya, kuɗin ya tashi zuwa 3,750, wasu su ƙara janyewa. Ana gane an kama wannan hanya tun kafin asusu ya ƙare: adadin rasit yana raguwa wata bayan wata, kuma ƙananan tarin leda suna bayyana da asuba a kusurwoyin da da babu.

Saboda haka nake ganin kuɗi ɗaya ga kowa zalunci ne. Gidan tsohuwa mai jika biyu da gidan haya mai ɗaki goma sha biyu ba sa fitar da shara ɗaya, kuma tsohuwar ta sani. Ma'auni mafi sauƙi shi ne mazubi. Gidan da ke cika buhu ɗaya a mako ya biya ƙarami, mai cika durom ya biya matsakaici, gidan haya da mai sayar da abinci su biya babba. A misalinmu, in gidaje 100 sun biya 1,500, gidaje 180 sun biya 2,500, manya 60 sun biya 5,000, an haɗa 900,000 cif daga gidaje 340, an bar sarari ga gidaje 60 na marasa hali da masu taurin kai. A gidan haya kuwa, daga hannun mai gida za a karɓa; bin 'yan haya ɗaki-ɗaki ɓata rana ne.

Akwai kuma hanyar rage kuɗin tun daga tsakar gida. Sharar garuruwanmu tana da nauyi ne saboda ƙasar da tsintsiya ke kwasowa da tokar murhu da kashin dabbobi. Manoman kewayen Kano sun daɗe suna kai irin wannan gonakinsu a matsayin taki da rani, 'yan bola jari kuma suna sayen ƙarfe da roba. Duk abin da aka ware wa waɗannan, an rage wa tifa kaya.

Wasu biranen sun kauce wa bin gida-gida gaba ɗaya. A Maputo, babban birnin Mozambik, an liƙa kuɗin shara a jikin kuɗin lantarki, kamfanin wuta ne ke karɓa, kuma gidan da ya fi shan wuta ya fi biya, bisa tunanin cewa shi ya fi hali. Dabara ce mai kyau, amma a inda gidaje da yawa ba su da mita, mutane kuma suna ƙorafin ana kawo musu takardar kuɗin wutar da ba su sha ba, ƙara shara a kai zai ƙara husuma ne. Koriya ta Kudu kuwa tun 1995 ta tilasta sayen leda ta musamman, wadda ita kaɗai motar shara ke ɗauka, mai yawan shara ya sayi leda da yawa. Wannan yana bukatar sa ido sosai, in ba haka ba kwata ce za ta karɓi abin da aka ƙi sa wa a leda.

Masu cewa mutanenmu ba sa son biya suna manta cewa tuni suna biya. Matar gida tana ba almajiri ko mai baro 'yan canji ya fitar mata da shara, ba ta tambayi inda zai kai ba, unguwanni da dama kuma suna haɗa kuɗin 'yan sintiri duk wata. Abin da mutane ke ƙi shi ne ba da kuɗi a kan alkawari. Don haka aiki ya riga karɓar kuɗi: a kwashe tsohuwar bola, a sa rana biyu a mako, misali Litinin da Alhamis, a yi wata guda ba a saɓa ba, sannan a fito da rasit.

Yadda ake karɓa ma yana da tasiri. Mai neman na yau da gobe zai iya ba da naira 600 duk mako, amma 2,500 a dunƙule ƙarshen wata ta yi masa nauyi. Kuma mata ne ke fama da sharar, su suka san ranar da kura ba ta zo ba, alhali a taron ƙofar gidan mai unguwa maza ne kaɗai. In aka sa mace cikin masu karɓa, tana shiga gidajen da namiji zai tsaya a zaure. Liman zai iya tunatarwa, mai unguwa zai iya kiran mai taurin kai, amma kada kuɗin ya bi ta hannunsu, don kada zargi ya taɓa mutuncinsu. Duk ƙarshen wata a manna takarda a bangon masallaci: gidaje nawa suka biya, nawa aka tara, sawu nawa tifa ta yi, nawa ya rage. Ranar da dizal ya tashi aka bukaci ƙari, da wannan takardar za a je gaban jama'a, kuma a ba su sanarwar wata guda kafin sabon kuɗin ya fara aiki.